Kafin launi ya ɓace: yadda ake mayar da ja da kore zuwa rubutu

Jadawalin da aka yi wa fenti da ja da rawaya da kore yana ɗauke da bayani iri biyu. Akwai wanda aka rubuta da baƙi, wato sunaye da lambobi, akwai kuma wanda aka bar wa ido ya gane da kansa. Na farko yana bin takarda duk inda ta je. Na biyu kuwa ba ya jure tafiya. Da zarar an ɗauki hoton takardar da sikana, aka ba manhaja ta ciro rubutun, aka ajiye shi a fayil na zallar rubutu, to launin ya tsaya a hanya, kuma babu abin da zai faɗa maka cewa ya tsaya. Lambobi za su fito cif, layuka a jere, babu alamar wani abu ya ɓace. Wannan shirun ne yake sa matsalar ta yi muni, domin wanda aka miƙa wa fayil ɗin ba shi da dalilin yin zargi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga rahoton wata-wata na ƙananan asibitoci 24 a wata ƙaramar hukuma. Kowane asibiti yana da layinsa a kwance, sannan akwai layuka uku a tsaye na kaya uku: maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishirin zawo, da abincin yara masu tamowa. A cikin kowane gida an rubuta yawan kwalin da ya rage a sito, an kuma shafa wa gidan launi. A ƙasan shafin akwai ɗan makulli da ke cewa kore na nufin kayan za su kai wata biyu ko fiye, rawaya na nufin tsakanin wata ɗaya da biyu, ja kuma ba za su kai wata ba. Gidaje 72 ke nan, kowanne da lambarsa da launinsa.

Yanzu dubi layi na 7 da layi na 15. Dukansu an rubuta 40 a gidan maganin zazzaɓi. Amma asibiti na 7 yana bakin kasuwa, yana cinye kwali 60 a wata, saboda haka 40 ɗinsa na kwana ashirin ne kacal, gidansa ja ne. Na 15 yana can cikin ƙauye, kwali 10 yake ci a wata, 40 ɗinsa zai kai shi wata huɗu, gidansa kore ne. Yawan abin da kowanne yake ci a wata ba ya cikin jadawalin, yana cikin wani littafi a ofishin jami'in da ya shafa launin. Idan launi ya tafi, abin da ya rage shi ne 40 da 40, kuma duk wanda ya zo rabon magani zai ɗauka halinsu ɗaya. Launin nan hukunci ne da wani ya yanke bayan ya yi lissafi da abin da kai ba ka gani ba, don haka ba za ka iya sake gano shi daga lambar ba.

Ba kowane jadawali ne haka ba, kuma ya kamata mutum ya fara tantance wanne ne a gabansa. Ma'aikatan lafiya a Arewa da Nijar sun san zaren awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga 12.5 zuwa sama kore. Idan rajista ta rubuta awon kowane yaro, ko launi ya goge ana iya mayar da shi daga lambar. Sai dai ko a nan akwai tarko. Kafin 2009, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga iyakar zuwa 11.5, iyakar ja ita ce santimita 11. Yaron da damtsensa ya nuna 11.2 a tsohuwar rajista ba ya cikin ja a wancan lokacin, yau kuwa yana ciki. Wanda zai juya tsohuwar takarda dole ne ya rubuta ma'anar da launin yake da ita ranar da aka shafa shi, ya kuma ajiye shekarar a gefe.

To me ya sa launin yake ɓacewa? Amsa ta farko mai sauƙi ce: fayil na zallar rubutu, irin wanda sunansa yake ƙarewa da .txt ko .csv, haruffa kawai yake iya riƙewa. Babu wurin da za a ajiye cewa bayan wannan lamba ja ne. Ko Excel da kanta takan yi gargaɗi idan za ka ajiye aiki a matsayin CSV cewa wasu abubuwa za su iya salwanta, mutane kuma sukan danna su wuce. Amma a takardar da aka yi wa sikanin, launin yakan mutu tun kafin a iso nan. Manhajojin ciro rubutu daga hoto, waɗanda ake gani da sunan OCR, haruffa suke nema, launi kuwa cikas ne a wurinsu. Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ginawa a shekarun 1980 aka kuma sake ta kyauta a 2005, tana daga cikin waɗanda aka fi amfani da su. Kafin ta karanta komai, takan raba kowane ɗigo gida biyu, ko baƙi ko fari, da wata dabara da Nobuyuki Otsu na Japan ya wallafa a 1979. Dabarar tana zaɓar wata iyaka ne: abin da ya fi ta duhu ya zama baƙi, abin da ya fi ta haske ya zama fari.

Lissafin mayar da launi ruwan toka yana da ban sha'awa, kuma shi yake bayyana abin da ake gani a shagon fotokwafi. Kowane ɗigo a hoto haɗin ja da kore da shuɗi ne, kowanne daga 0 zuwa 255. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce:

```
Y = 0.299*R + 0.587*G + 0.114*B
```

Ja tsantsa, wato 255 da 0 da 0, yana ba da 76. Kore mai duhu, wato 0 da 128 da 0, yana ba da 75. A ido launuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba, a fotokwafi kuwa toka ɗaya ce. Launukan nan masu haske da Excel take bayarwa a shirye ma haka suke: jan yana komawa kusan 217, koren 223, rawayan 232. Dukkansu suna dab da fari, wanda shi ne 255, saboda haka idan aka zo raba baƙi da fari duk sukan koma fari fat.

Launi mai duhu ya fi wannan ɓarna. Idan gidan ja ne mai kauri kuma lambar cikinsa baƙa ce, iyakar tana iya faɗawa sama da 76, sai gidan gaba ɗaya ya zama baƙi ƙirin, ya haɗiye lambar. Abin da zai fito a rubutu shi ne gurbi babu komai, ko wasu 'yan alamomi marasa ma'ana. Lura da inda asarar take faɗawa: a kan jajayen gidaje, waɗanda aka yi rahoton dominsu. Idan ka ga fayil ya fito da ramuka nan da can alhali sauran lambobi lafiya lau, koma ga hoton ka duba, sau da yawa za ka tarar ramukan launinsu ɗaya.

Saboda haka aikin yana farawa tun a gaban sikana. A ɗauki hoton da launi, a ɗigo 300 a kowane inci, a haɗa da makullin da ke ƙasan shafi, ko da yana shafi na gaba ne. A guji tsarin nan na manhajojin waya da ke wanke bayan takarda ya yi fari tas don rubutu ya fito sarai, domin launuka masu haske su ne farkon abin da yake wankewa. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin Document, saboda hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi, gefen launuka ya dagule. Alƙalamin nan mai shafa rawaya mai ƙyalli shi ma a kula da shi, fotokwafi ba ta cika ganinsa ba, sikana ma takan dusashe shi. Kuma kafin duk wannan, a tambaya ko asalin fayil ɗin yana nan. Sau da yawa takardar da ake wahala a kanta an buga ta ne daga wata kwamfuta da ke ofishin da ke makwabtaka. Idan an samu, Excel tana da Filter by Color tun fitowar ta 2007: ka tace jajaye kawai, ka zaɓi gidajen sabon layi na tsaye, ka danna Alt+; don ya kama waɗanda ake gani kaɗai, ka rubuta kalmar, ka danna Ctrl+Enter. Aikin yini ya koma na minti goma.

Idan babu asali sai hoto, matakin farko ba buga lambobi ba ne. A zauna a karanta makulli, a rubuta shi da kalmomi a takarda daban. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato a buɗe sabon layi a cika shi da "ja", "kore", "rawaya", a ce an gama. Wannan rabin aiki ne. Wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyu ba shi da makullin, kuma ja ba ma'ana ɗaya gare shi ba. A katin sakamakon makaranta jan biro faɗuwa ce. A kasuwar hannun jari ta China ja yana nuna farashi ya tashi, kore ya faɗi, akasin yadda yake a Turai da Amurka. A jadawalinmu ja na nufin "ƙasa da wata ɗaya". Wannan jimlar ce ya kamata ta shiga fayil.

Ni dai ra'ayina a buɗe layuka biyu a tsaye, ba ɗaya ba. Na farko ya riƙe launin da ido ya gani, na biyu ya riƙe ma'anarsa. Wasu za su ce maimaici ne, amma amfaninsa yana fitowa ranar da aka gano an fahimci makulli a karkace. Idan ashe rawaya na nufin "an yi oda, ana jira", to sai a gyara layin ma'ana da umarni ɗaya, ba sai an koma an sake ƙura wa gidaje 72 ido ba. Abin da ka gani shaida ce, abin da ka fassara ra'ayi ne da za a iya gyarawa, kuma bai kamata a cakuɗa su a gida ɗaya ba.

Sai tambayar me launin yake magana a kai. A wasu jadawalan layin kwance gaba ɗaya ake shafawa, to nan layin matsayi guda ya wadatar. A namu kowane gida da launinsa, asibiti ɗaya yana iya zama kore a gishirin zawo, ja a maganin zazzaɓi. Hanya biyu ce. Ko dai kowane magani ya samu nasa layukan matsayi a gefensa, jadawalin ya yi faɗi, ko kuma a warware shi ya yi tsawo, kowane gida ya zama layi mai zaman kansa. Ta biyun ta fi daɗin tacewa da ƙirgawa. Ga yadda kaɗan daga ciki za su kasance:

```
asibiti,kaya,kwali,launi,matsayi,bayani
7,maganin zazzaɓi,40,ja,ƙasa da wata 1,
15,maganin zazzaɓi,40,kore,wata 2 ko fiye,
15,gishirin zawo,,fari,ba rahoto,an tabbatar ta waya
19,abincin tamowa,12,bai fito ba,a bincika,tsakanin ja da rawaya
```

Layuka 24 sun zama 72, amma yanzu 40 ɗin asibiti na 7 da na 15 sun rabu, kuma ko a saƙon tes aka tura su ba za su sake haɗewa ba. A tsayar da kalmomin da za a yi amfani da su tun farko, a hana kowa kaucewa. Idan mai bugawa ɗaya ya rubuta "rawaya", wani "ruwan ɗorawa", wani "ruwan ƙwai", ko na Kano ya sa "kore" na Damagaram ya sa "tsanwa", kwamfuta za ta ƙirga su a matsayin abubuwa daban-daban. A Excel ana iya kulle layin da Data Validation, ya ƙi karɓar komai sai abin da ke cikin jerin.

Layi na uku a misalin yana da nasa labari. Gidan da ba a shafa wa launi ba shi ne mafi wuyar fassara, saboda fari yana iya nufin abu uku: asibitin bai aiko da rahoto ba, ko ba a ba shi wannan kaya tun asali, ko kuma jami'in ya manta bai shafa ba. Makulli ba kasafai yake ambaton fari ba. Mai gaggawa yakan ɗauka tunda ba ja ba ne, lafiya ke nan, ya sa shi cikin kore. Asibitin da bai aiko da rahoto ba kuwa wataƙila shi ne wanda hanyarsa ta yanke da damina, wanda ya fi kowa buƙata. Fari ya samu kalmarsa, kuma kada a bar gidan matsayi babu komai, domin gurbi a fayil ba ya faɗin ko babu bayani ne ko mai bugawa ne ya tsallake.

Akwai kuma launin da ba ya nufin komai. Jadawalai da yawa ana shafa wa layi ɗaya launi mai haske a tsallake ɗaya don ido ya bi layi, ana kuma yi wa kan jadawali da layin jimilla nasu launin. Wannan ado ne. Alamarsa ita ce yana bin tsari ba tare da kula da abin da ke rubuce ba, kuma ba ya cikin makulli. Akasinsa shi ne gidan da aka haɗe, launi ɗaya ya rufe layuka uku. A zallar rubutu babu haɗaɗɗen gida, don haka dole a maimaita matsayin a kowane layi daga cikin ukun, in ba haka ba na farko ne kaɗai zai ɗauka. Kuma launi ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Rubutu mai kauri, da layin da aka ja a kan suna don soke shi, da zagayen biro a kan lamba, duk suna bin sa. Sunan da aka soke a takarda yakan fito a rubutu kamar kowa.

Gidaje 72 da hannu ake yin su, ido ya fi sauri. Amma idan shafuka ɗari ne na shekaru uku, sai a nemi mai rubuta manhaja, kuma yana da kyau mai aikin ya san abin da zai nema a wurinsa. Dabarar ita ce a karanta hoton sau biyu, sau ɗaya don rubutu, sau ɗaya don launi, sannan a haɗa su ta wurin da kowanne yake a shafi. Tesseract tana iya ba da wurin kowace kalma:

```
tesseract shafi1.png shafi1 --psm 6 tsv
```

Fayil ɗin da zai fito yana faɗin nisan kowace kalma daga hagu da daga sama, da faɗinta da tsayinta. Da wannan sai a koma hoton mai launi a ɗebi ɗigogin da ke kewaye da lambar. Gida mai faɗin santimita 2 da tsayin milimita 7 yana da ɗigo sama da dubu 19 a irin sikanin da muka ambata, saboda haka akwai wadatar wurin ɗiba. A kauce wa layin gefe da baƙin rubutu, a ɗauki ƙimar da ke tsakiya idan an jera su, domin ita ba ta damuwa da 'yan ɗigon tawada ko datti.

Ana auna launi a kan da'ira mai digiri 360: ja yana wajen 0, rawaya 60, kore 120. Launukan Excel da suka kusa zama ɗaya a ruwan toka, a nan sun yi nisa da juna: jan yana wajen 352, rawayan 48, koren 132. Sai dai ja yana zaune a daidai inda da'irar ta haɗe, wani ɗigonsa 350, wani 10. Wanda ya tara su ya raba biyu zai samu 180, launi tsakanin kore da shuɗi, sai ja ya koma wani abu dabam. Sannan firintar da tawadarta ta kusa ƙarewa takan buga ja kamar ruwan lemo, hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ɗorawa kuma yakan sa farar takarda ta yi rawaya. Maganin duka shi ne kada a dogara da lambobin littafi. A auna 'yan akwatunan makulli na wannan shafin, a auna farin gefen takarda, sannan a kwatanta kowane gida da su, tunda firinta ɗaya da haske ɗaya suka bi. Duk gidan da ya faɗa tsakanin launi biyu, manhajar ta rubuta "a bincika", ta bar wa mutum.

Wannan taka-tsantsan ba ƙari ba ne idan launukan sun yi kusa. Rahoton Cadre Harmonisé, wanda ƙungiyar CILSS da abokan aikinta suke amfani da shi wajen auna ƙarancin abinci a Sahel da Afirka ta Yamma, har da Nijar da jihohin Nijeriya, yana da matakai biyar: kore mai haske, rawaya, ruwan lemo, ja, da ja mai duhu. Mataki na 3 matsi ne mai tsanani, na 4 halin gaggawa, na 5 yunwa. Tazarar ruwan lemo da ja a takardar da ta sha rana ba ta da yawa, amma tazarar mataki na 3 da na 4 babba ce a wurin masu rabon agaji. Sa'ar da aka yi a nan ita ce kowane mataki yana da lambarsa, kuma lambar ce ya kamata ta shiga layin matsayi.

Mu koma asibitocinmu, a zo wurin tantancewa. An gama bugawa, sai a ƙirga kowane matsayi:

```
=COUNTIF(D:D,"ja")
```

A ce an samu kore 41, rawaya 17, ja 9, fari 3, da guda 2 da launinsu bai fito ba saboda ninkin takarda ya bi ta kansu. Jimilla 72, babu gidan da aka tsallake. Wannan gwaji na farko ke nan. Na biyu shi ne a nemi wata shaida a cikin rahoton kansa. A shafin farko jami'in ya rubuta cewa wurare goma ne suke buƙatar kaya cikin gaggawa. Mu tara muka samu, ashe ɗaya daga cikin biyun nan ja ne. Amma wanne? A shagon buga takardu a nan ne za ka ji yaron shago ya ce, "Yallaɓai, na 19 ɗin nan ai ja ne, dubi kwali 12 kawai ya rage." Mai aikin da ya san abin da yake yi sai ya ce, "A'a, ɗan'uwa, bar shi a yadda yake, ba mu san nawa suke ci a wata ba." Gaskiyarsa ce, domin 12 a ƙaramin asibiti yana iya zama na wata biyu. A kira wanda ya shafa launin, ko a nemi wani kwafin da bai ninke ba, sannan a rubuta a layin bayani yadda aka samu amsar. Hasashen da aka zuba a layin matsayi ba ya bambanta da gaskiya a idon mai karatu na gaba.

Gwaji na uku shi ne ido na biyu. Wani ya riƙe hoton yana karanta launi, wani ya bi fayil, musamman a kan jajaye da fararen gidaje. Kuskuren da ya fi yawa a aikin hannu shi ne zamewar layi, inda ido ya tsallake layi ɗaya sai duk matsayin da ke ƙasa ya sauka a kan asibitin da ba nasa ba. Ƙirga ba ta kama wannan, saboda jimillar ba ta canzawa. Abin da yake kama shi shi ne a duba layi na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe a kowane shafi. Kuma a tabbata mai karanta launin yana rarrabe ja da kore. A cikin mutanen Arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da wannan matsala ta gado. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su, kuma da yawa ba su san suna da ita ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, WCAG 2.0 na 2008, suka ce kada launi ya zama shi kaɗai ne hanyar isar da bayani. Makaho mai sauraren manhajar da ke karanta masa allo zai ji "arba'in", ba zai ji ja ba, sai in an rubuta.

Bayan an gama, a ajiye abu uku wuri ɗaya da suna iri ɗaya: hoton mai launi, da fayil ɗin rubutu, da ɗan bayanin makulli mai ɗauke da watan rahoton da kalmomin da aka zaɓa. A ajiye rubutun a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɓ da ɗ su ma za su bi launi, "ƙasa da wata 1" ya fito da alamar tambaya a gaba. Jami'in da yake shirya rahoton wata mai zuwa kuma a roƙe shi ya juya tsarin aikinsa: ya fara rubuta matsayin da kalma a layinsa, sannan ya sa Conditional Formatting ta shafa launin daga kalmar. Ya kuma ƙara layi ɗaya na yawan kwalin da kowane asibiti yake ci a wata, yadda duk wanda ya ga 40 da 60 a jere zai iya fitar da kwana ashirin da kansa.